Daminar da Na Yi a Kan Ɗorawa

A duk ƙauyenmu, can gefen Makoda, wuri ɗaya ne ake samun sabis ɗin waya mai ƙarfin da zai buɗe kasuwar duniya. Ba a gidan mai unguwa ba, ba a bakin titi ba. A reshe na biyu na wata ɗorawa ne da ke tsakiyar gonar da mahaifina ya bar min. Wannan reshe shi ne ofishina na tsawon makonni bakwai, kuma har yau idan na zauna a kan benci mai tauri, ɗuwawuna sai ya tuna min.

Gonar ce abincinmu, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu. Gero ake shukawa, a ratsa wake. Tun da na yi wayo, har zuwa wannan daminar, ban taɓa ganin an sayo gero a gidanmu ba. Marigayi babanmu yana ɗaure dami sittin a gonar nan, wata shekarar har da ɗoriya, kuma da wannan yake taƙama a duniya, don ba shi da babur balle shago.

Da rani nakan shiga Kano in yi acaɓa. A can wani fasinja mai ƙamshin turare ya nuna min wayarsa, ga wasu sanduna kore da ja suna hawa suna sauka. Ya ce kyandira ake ce musu, farashin kuɗaɗen ƙasashe suke nunawa. Ka sayi wani kuɗi da wani kuɗi, in ya tashi ka sayar, kafin rana ta faɗi ka rufe komai ka kwana da ribarka. Ya saka ni a wani gurup na waya, aka buɗe min asusun gwaji mai kuɗin bogi. Cikin wata guda na mai da dala dubu goma ta bogi dubu goma sha shida. Wallahi har tafiyata sai da ta canza. Na daina amsa sallamar masu kurar ruwa da sauri.

Da na dawo gida farkon damina, sai na sayar da riɗin da na ajiye, aka canza min kuɗin suka zama dala ɗari biyu, na zuba a asusun gaske. Mai ɗakina ta tambaye ni ina kuɗin riɗi. Na ce suna aiki. Ta ce a ina? Na nuna mata waya. Ta karɓa ta juya bayan wayar ta duba, ta miƙo min.

Ashe ba ni kaɗai ba ne mai harkar kasuwar waya a danginmu. Akwai taubashina, ɗan Kawu, tela ne a bakin kasuwa, mutum mai baƙar tsokana, wanda tun muna yara yake cewa ni bawansa ne. Shi hannun jarin kamfanonin ƙasar nan yake saye ta waya. Zai zauna ranar Lahadi ya duba wanda ya faɗi ya fara farfaɗowa, ya saya, ya rubuta a jikin bangon shagonsa da allin ɗinki farashin da zai sayar in ya tashi da kuma wanda zai gudu in ya faɗi. Daga nan sai ya koma kan kekensa. Sau ɗaya yake leƙa waya a rana, bayan la'asar. Yakan riƙe kaya sati biyu, sati uku, wani lokacin kwana biyar kawai.

Na ce masa, "Kai wannan ai kiwon kunkuru kake yi. Abin da za ka samu a sati uku, ni kafin azahar na gama da shi."

Ya ce, "Bawa, ni duk saye da sayarwa sai dillali ya yanki la'adarsa. In na ce kullum zan juya, dillalin zan yi wa ƙiba. Kai naka ba sa yanka?"

Na ce ba sa yanka. Ƙarya na yi, ko in ce jahilci. Daga baya na gane akwai 'yar rata tsakanin farashin da ake sayar maka da wanda ake saya a hannunka, kuma da ka danna, wannan ratar ta riga ta fita daga aljihunka. In ka danna sau ashirin a rana, sau ashirin aka mintsine ka.

Shi ma telan ba wai a inuwa yake kwance ba. Tunda kayansa suna kwana a hannunsa, duk labarin da ya ɓullo bayan an tashi kasuwa a kansa yake sauka. Akwai ranar da wani kamfani da ya saya ya fitar da mummunan rahoto. Da gari ya waye kowa sayarwa yake so, babu mai saye, farashi ya tsallake layin allinsa ya wuce ƙasa, sai bayan kwana uku ya samu ya rabu da kayan. A ranar farkon ya ɗinka wa ladanin unguwarmu wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da taƙi guda. Amma washegari ya farke wandon ya gyara, ya kuma je gonarsa.

Sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin gona. Shi ne abin haushin gaba ɗaya. Tun yana aiki yake sayen hannun jari kaɗan-kaɗan duk bayan kaka, na siminti, na sukari, na fulawa, da wasu da shi kansa sai ya buɗe tsohuwar jakar fata yake tuna sunansu. Ba ya sayarwa. In kamfani ya ci riba a shekara, a turo masa rabonsa, ya sayi taki, ragowar ya ƙara jari. Wayarsa ƙaramar rakani-kashi ce mai tocila, kuma rabin shekara a cikin aljihun rigar da ba ya sawa take.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, yanzu nawa ne farashin na simintin naka?"

Ya ce, "Oho. Sayarwa zan yi?"

"To in ya faɗi fa?"

"Ai ya taɓa faɗuwa, ɗan nan. Akwai shekarar da komai ya zube, abin da nake da shi bai kai rabin na da ba. Gwaggonka ta yi kuka, ni na yi zawo. Shekaru muka yi muna jira. Wasu suka dawo suka wuce inda suke, kamfani ɗaya ya mutu murus da kuɗina, takardarsa ce ma nake fifita da ita. Ga naira tana ta ramewa, wata shekarar ribar ba ta kamo tsadar kaya. Shi ya sa ban zuba a tukunya ɗaya ba, kuma kuɗin da zan nema bana ba na kai shi can."

Na fita ina cewa a raina tsufa bai yi ba. Mutum ya jira shekara ashirin kan abin da ake samu tsakanin hantsi da azahar!

To ga yadda ranata take. Kasuwar tana fara motsi sosai wajen ƙarfe takwas na safe, lokacin da Turawan Landan suka buɗe, wato daidai lokacin da duk mai hankali yake sunkuye a gona. Wajen ƙarfe ɗaya Amurkawa su shigo, abin ya ƙara haukacewa har la'asar. Saboda haka da sassafe sai in saɓa fartanya kamar mutumin kirki, in je gona, in jingine ta a gindin ɗorawa, in haye. Na ɗaure tsohon matashi a reshen, na rataya gorar ruwa da fawa bank. Salla kaɗai ke sauko da ni, ita ma da na sallame sai in haye da addu'ar a baki.

Kada wani ya ce hutu nake yi. Ban taɓa gajiya a noma kamar yadda na gaji a kan bishiyar nan ba. Ido a kan kyandir, kyandir yana canzawa duk minti biyar, zuciya tana bugawa kamar ana surfe. In kore ya fito in yi kabbara, in ja ya fito in zagi Bature har kakansa. Cinnaku suka mai da cinyata kasuwarsu. Mata masu zuwa itace suka daina bi ta wajen, don an baza cewa ɗorawar gonarmu tana magana, kuma aljanin ba shi da tarbiyya.

Ga wani abu da suke kira lebarej. Kamfanin da ka buɗe asusu a wajensa zai bar ka ka juya kaya ninkin kuɗinka sau da yawa, ta yadda ɗan motsi kaɗan a farashi zai zama babban motsi a aljihunka. A gurup an yi ta yabon yadda yake ninka riba. Babu wanda ya tsaya a kan cewa haka yake ninka asara, daidai wa daida. Akwai kuma birki, sitof los suke ce masa, wato ka sa farashin da in an kai shi za a rufe maka cinikin da kanta, ka tsira da ƙaramar asara. Da farko ina sa shi. Nakan ci dala uku, in ci biyu, in rasa huɗu, in ci biyar. Bayan sati biyar ina da dala ɗari biyu da tara. Kuɗin data da na caji sun fi taran nan, amma wannan lissafin ban yi shi a gaban kowa ba.

A ƙasa kuwa gero ya tsiro. Noman firi, wato na farko, na yi shi a gurguje, Asabar da Lahadi, don ranakun nan kasuwar a rufe take. Amma mutum ɗaya, kwana biyu a mako, idonsa jajir, ba zai iya da gonar babanmu ba. Kafin in kai ƙarshenta farkonta ya koma kore. Lokacin maimai, noma na biyu, ya zo ya fara wucewa, harkiya ta tashi ta kamo gero tana neman fin shi.

A garinmu irin wannan ba abin tashin hankali ba ne, don muna gayya. Ka kai goro, a sa rana, maza su fito da fartanyoyi da mai ganga, a share maka gona kafin azahar, ka ciyar da su. Sharaɗin ɗaya ne, kuma ba a faɗarsa don kowa ya sani: wanda ya zo taka, ka je tasa. A daminar nan an yi gayya biyar. Ta farko na ce zazzaɓi. Ta biyu na je na yi kunya biyu, na ce zan zaga, ban dawo ba. Ta uku da ta huɗu ina kan ɗorawa ina jiyo gangarsu, har ina kaɗa ƙafa.

Mai ɗakina ta kawo min fura wata rana, ta tsaya a ƙasa ta ɗaga kai. Ta ce, "Malam, ciyawar nan fa ta kai min gwiwa."

Na ce, "Ki bari in rufe wannan. In abin nan ya kankama, 'yan ƙwadago goma zan ɗauka."

Ta ce, "To Allah ya kankamar. Ni dai na leƙa rumbu jiya, na ga ƙasansa."

Ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Na ji maganar har cikin raina, na minti biyar, sai sabon kyandir ya fito.

Gayya ta biyar ta Kawu ce, ranar Juma'a da safe. Shi da kansa ya tako har gida ya faɗa min. Na ce in sha Allahu ni zan fara isa. Da safen na ce bari in leƙa sau ɗaya tak. Na leƙa, na ga abin da na rantse dama ce, na shiga da nauyi fiye da kullum, don ina son in fitar da kuɗin 'yan ƙwadago a rana ɗaya. Farashi ya fara tafiya inda ban so ba. Ya kusa birki, sai na matsar da birkin baya. Ya sake matsowa, na sake matsarwa. A karo na uku na ce wannan birki shi ke jawo min baƙin jini, na cire shi gaba ɗaya.

Na manta cewa a ranar, wajen ɗaya da rabi, Amurkawa za su fitar da wani rahoto da kan girgiza kasuwa. An faɗa a gurup, na gani, na wuce. Na sauko na tafi masallacin Juma'a da ciniki a buɗe. Liman yana huɗuba, ni ina hango kyandira a jikin rawaninsa. Ana sallamewa na kwasa a guje ba takalmi. Hadari ya haɗo, iska ta taso, ina kama reshe sabis ya ɗauke ɗif. Na ƙara hawa reshe na uku, inda ban taɓa zuwa ba, na miƙa waya sama. Ashe rina ce da wurin. Wayyo Allah! Ban san ta ina na sauko ba, na dai tsinci kaina a cikin harkiya, leɓena ya kumbura kamar an ɗaura min ƙosai.

Sai bayan la'asar sabis ya dawo. Kamfanin ya riga ya rufe min cinikin da kansa, don abin da ya rage ba zai iya ɗaukar asarar ba. Dala talatin da ɗaya na tarar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne birkin nan a wajensu yake zaune, ba a wayata ba. Da na bar shi, ko babu sabis zai yi aikinsa. Da hannuna na cire.

A zaune a gindin ɗorawar na dubi gonar babana da idon mutum, karon farko cikin makonni. Geron ya yi siriri, ya yi rawaya, yana leƙowa daga cikin ciyawa kamar shi ne baƙo. Tsoro ya kama ni, irin wanda ko jan kyandir bai taɓa sa min ba.

Na sayi goro na kai, da leɓe a kumbure, na roƙi gayya. Aka ce wace rana? Na ce Asabar ta sama. Telan da ke wajen ya ce, "Ai dole Asabar, ranar da Bature yake hutu." Aka yi dariya, amma aka karɓi goron. Mai ɗakina ta kankare ƙasan rumbu ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, muka yanka zakaranmu.

Ranar Asabar suka zo, mutum ashirin da wani abu, da mai ganga. Na ji daɗi har ƙwalla ta taru min. Suka shigo gona a jere, telan a gaba. Suka wuce kunyar farko, suka wuce ta biyu, suka nufi ɗorawa. Kowa ya jingine fartanyarsa a gindinta. Masu ƙarfi suka haye rassa, dattawa suka zauna a ƙasa. Sai kowa ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya ƙura masa ido, yana shafa shi da ɗan yatsa.

Na ce, "Jama'a, lafiya?"

Telan ya ce daga kan matashina, "Shiii! Bawa, kar ka dame mu, Landan ta buɗe."

Wani ya yi kabbara ya ce kore ne. Wani dattijo mai haƙori biyu ya tofa wa tafinsa yawu ya ce ja ne, uban Bature. Mai ganga yana raka su, in an ce kore ya buga da sauri, in an ce ja ya saki wani sauti kamar kukan jaki. Ladan ya ce shi zazzaɓi yake ji. Wani ya ce zai zaga. Matan da suka kawo kunu suka ajiye ƙore suna riƙe ciki. Mai ɗakina ma, wadda nake zaton za ta tsaya min, ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

Na yi fushi, na yi magiya, na rantse, na ce zan fasa wayar. Telan ya ce in bari ya rufe wannan tukuna. Haka suka shanya ni har rana ta take.

Kawu ne kaɗai bai buɗe tafinsa ba. Yana zaune a gefe yana kallon geron. Can ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki fartanyata, wadda ta babanmu ce, ya duba bakinta da ya yi tsatsa, ya sunkuya ya fara noma shi kaɗai, mutum mai shekara saba'in. Dariyar ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya suka sauko, ganga ta koma ta aiki. Na rasa fartanya, sai na bi bayansu ina tuge ciyawa da hannu. Kafin la'asar gona ta fita fes.

Da za su tafi na durƙusa na yi wa Kawu godiya. Na ce yanzu dai gero zai farfaɗo ko? Na san tsohon malamin gona ba zai yi min ƙarya ba, shi ya sa na tambaya a hankali.

Ya ce, "Kaɗan. Ni kamfanonina sun jira ni shekara ashirin, na ɗan'uwanka suna jiransa har la'asar. Naka ba ya jiran minti biyar, gero kuma ba ya jiran sati uku. Kai kuma jikinka ɗaya ne, ɗan nan."

Da kaka na ɗaure dami goma sha huɗu. Na jera su a rumbu ina rarraba su don su yi kama da yawa, mai ɗakina tana miƙo min. Kafin tsakiyar rani suka ƙare. Na fitar da dala talatin da ɗayan nan, na haɗa da na acaɓa, na tafi har kasuwar Dawanau, don kada a gan ni a kasuwarmu, na sayo buhun gero. Na lulluɓe shi da tsohon buhun taki, na ɗaure a bayan babur, na shigo gari da azahar lokacin da nake zaton kowa yana ciki.

Telan yana bakin shagonsa. Ya dubi buhun, ya dubi 'yan ƙwayoyin da ke zuba a bayana tun daga titi, kaji uku suna bin babur ɗin. Na jira tsokanar, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Ya taso ya toshe hujin da ɗan ƙyalle, ya ce, "Bi ta bayan gari, Kawunka yana zaure. Shi ya yi wa babanka alkawarin ba za a taɓa sayen gero a gidan nan ba."

Na bi ta bayan gari, kajin suna biye da ni har ƙofar gida.